Ɗaukar karatun malam da ɗan makirufon riga a masallaci mai amsa-kuwwa

*Salamu alaikum Injiniya. Ni ke ɗaukar karatun malaminmu tsakanin magariba da isha'i a masallacin unguwarmu nan Gusau. Ginin sabo ne, ga tayil har bango, ga ƙubba. Na sayi ɗan makirufon nan mai kebul da ake maƙalawa a riga, amma har yanzu in na saurara sai in ji muryar malam na ninkuwa, wasu kalmomin ba a gane su. Makirufon ne ba ya da kyau, ko akwai manhajar da ke cire wanga amsa-kuwwa?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima.

Kada ka sake kashe ko sisi tukuna. Akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya, kuma shi nake fara sa kowa ya yi, domin mutane da yawa suna maƙala makirufo a rigar malam alhali wayar ba ta san da zamansa ba. Ka jona shi a waya, ka buɗe manhajar da ka saba ɗauka da ita, ka fara ɗauka. Ka sosa kan makirufon da farce kana cewa "wannan na riga ne", sannan ka sosa ƙasan wayar, wurin ɗan ramin makirufonta, kana cewa "wannan na waya ne". Ka saurara da iyafis. In susar ta biyu ce ta fito da ƙarfi, to duk kwanakin nan da kunnen wayar kake ɗauka, daga inda ka kafa ta, na riga kuwa ado ne kawai.

Abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Na farko kan fulogin. Duba ƙarfen da ake cusawa a waya, ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Mai zobe uku shi ne na waya, a kwali za ka ga an rubuta TRRS. Mai zobe biyu, TRS, na kyamara ne da rikoda, waya ba ta karɓar murya daga gare shi sai an haɗa shi da ɗan kebul mai juya shi. Na biyu, in irin Boya BY-M1 ne, wanda ya cika kasuwa, akwai makunni a jikin ɗan gwangwanin batirinsa. Dole ya tsaya a OFF/Smartphone in waya za a jona, ba a Camera ba. Na uku manhajar kanta. Kyamarar da ke zuwa da wasu wayoyi ba ta kula makirufon waje ko an jona shi daidai. Manhajar kyamara ta Open Camera kyauta ce, kuma a cikin Video settings akwai Audio source, inda za ka zaɓi External mic. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma, sai ka lura da ɗan kebul ɗin da ke shiga ramin caji, don wasu sauti kawai suke fitarwa, ba sa shigar da murya.

In ka yi gwajin ka tabbatar na rigar ne ke aiki, to mu shiga ainihin maganar.

Makirufo ba ya bambanta muryar da ta fito daga bakin malam da wadda ta bugi bango ta dawo. Duk biyun yake kwasa, wadda ta fi ƙarfi a daidai inda yake ita ke rinjaye. Muryar baki tana raguwa da sauri in ana nisa da ita: duk lokacin da ka ninka tazara, ta faɗi da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Wadda ta cika ɗaki kuwa kusan ƙarfinta ɗaya ne a ko'ina, domin ta riga ta zaga ta bugi kowane bango. Saboda haka a kowane ɗaki akwai wata tazara daga bakin mai magana inda biyun suke yin kunnen doki. Ƙasa da wannan tazara baki ne ke da rinjaye, sama da ita ɗaki ne. Duk aikinka shi ne ka sa baki ya yi wa ɗaki rata mai yawa, kuma a ganina sai ratar ta kai desibel 15 sannan karatu ke fita yadda mutum zai saurara a mota ko a shago bai gaji ba.

Ba ka faɗi girman masallacinku ba, don haka bari in ɗauki wanda ya yi kama da na unguwa: tsawo mita 20, faɗi mita 15, sama mita 5. Cikinsa mita 1,500 ke nan in an ninka ukun. Da tayil da siminti da siririn kafet, in babu kowa a ciki, a ce ka tafa hannu ƙarar ta ɗauki sakan 3 kafin ta mutu. Lissafin tazarar da na faɗa shi ne:

```
d = 0.057 × √(V / T)
```

V shi ne girman cikin ɗakin, T kuma sakan nawa ƙara ke ɗauka kafin ta mutu. A wannan masallaci amsar ta kama mita 1.3. Wato wayar da aka kafa a mita 3 daga malam tana jin ɗaki fiye da baki da desibel 7 da wani abu. Makirufon da ke ƙirjinsa, santimita 20 daga baki, yana jin baki fiye da ɗaki da desibel 16. Wannan shi ne abin da ka saya da kuɗinka, kuma mai araha da mai tsada duk wannan ratar suke bayarwa in wuri ɗaya aka maƙala su.

Yanzu a ce mutum 200 sun shigo sun zauna. Jikin mutum da tufafinsa suna shanye sauti fiye da komai a masallaci, sai sakan 3 ɗin nan ya sauko kusan ɗaya da rabi. Kunnenka zai ji babban bambanci, amma a makirufon riga ribar desibel 3 ce kacal, daga 16 zuwa 19. In ka matsar da makirufon daga santimita 20 zuwa 14, ita ma ribarta desibel 3 ce. Santimita shida ta yi aikin mutum ɗari biyu. Shi ya sa nake dariya in na ji kwamitin masallaci na shirin sayo labule da katifu don a gyara wa mai ɗauka sauti. Labule na da amfani ga masu sauraro a cikin masallaci, amma ga faifanka matsar da makirufo ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

To in lissafi ya ba da desibel 19, me ya sa kake jin murya na ninkuwa? Domin lissafin ya ɗauka malam da bakinsa kaɗai yake magana. A masallaci ba haka ba ne. Akwai amfilifaya da lasifikoki, kuma a nan nake zargin matsalarka take.

Lasifika ba ta ƙara wa muryar da ke sauka a makirufonka daga baki komai. Ɗaki kawai take ƙara wa ƙarfi. A ce ta ɗaga sautin cikin masallaci da desibel 12 sama da yadda muryar malam kaɗai za ta cika shi, wanda ba wani abu ba ne in ka ga yadda ake murɗa su a wurinmu. Ratar 19 ta koma 7. A desibel 7 za ka ji malam a gaba, amma kowace kalma tana jan jela, kuma jelar wasali mai ƙarfi tana danne baƙin da ke biye da shi. Haruffa irin su s da sh da f da t da k ba su da ƙarfi, su ne ke fara nutsewa, kuma su ne ke bambanta kalma da kalma. A karatun da ake jan nassin Larabci abin ya fi ciwo, tunda harafi ɗaya na sauya ma'ana.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka je bayan la'asar lokacin da babu jama'a, ka sami wani ya zauna a mazaunin malam da makirufon a rigarsa, littafi a hannu. Ya karanta layi biyar amfilifaya na kashe, sannan a kunna ta yadda aka saba ya sake karanta layukan da makirufon masallaci a gabansa. In na farko ya fita tas na biyu ya dagule, ka kama mai laifi, kuma ka san makirufonka lafiyarsa lau.

Gyaran yana hannun wanda ke kula da na'urar masallacin, ladan ne ko wani daga cikin matasa, don haka sai ka bi shi da lalama. Kada ka taɓa masa maɓalli a bayan idonsa, zai mayar da shi gobe har ya ƙara. Ka sa masa iyafis ya ji faifan biyu da kunnensa.

Abu na farko da za ku duba a fuskar amfilifayar shi ne ko akwai abin murɗawa da aka rubuta wa ECHO, wani lokaci REVERB ko DELAY ko EFF. Da yawa ana barinsa a buɗe don yana yi wa kiran salla da ƙira'a daɗi. Ana gane aikinsa da kunne: amsa-kuwwar ɗaki shafaffiya ce, tana dusashewa a hankali, ta na'ura kuwa tana maimaita ƙarshen kalma daki-daki da tazara iri ɗaya, "malam, lam, lam". Tunda ka ce murya na ninkuwa, ban cire tsammanin wannan ba. Lokacin karatu a mayar da shi sifiri, in an tashi kiran isha'i mai so ya buɗe abinsa. Ginin da ke da ƙubba da tayil ba ya bukatar a ƙara masa ko kaɗan.

Na biyu, lasifikar da ta fi kusa da malam. Yawanci akwai ɗaya a bangon alƙibla, dama ko hagu da mihrabi, mita biyu ko uku daga inda yake zama. Wannan ba ta jira sai ta zaga ɗaki, kai tsaye take zuba wa makirufonka kwafin muryar, a makare da 'yan kashi cikin dubu na sakan, sai murya ta fito a shaƙe da wani amo na ƙarfe-ƙarfe. Sahun gaba ba sa bukatarta, suna jin malam da kunnensu. A kashe ta lokacin karatu in tana da nata layin. In ba ta da shi, a juya fuskarta ta kalli jama'a sosai, ko a matsar da kujerar malam ta koma bayan layin lasifikar. Haka ma ƙahonin waje da ke kan rufi. In ana barinsu a kunne don makwabta da mata a gida su ji, ka saurara ko sautinsu na bugun ginin da ke tsallaken titi yana dawowa ta taga. Wannan yana zuwa a makare sosai, kamar wani na maimaita maganar daga nesa. Rufe tagogin ɓangaren kawai yakan wadatar.

Na uku, MASTER, abin murɗawar da ke ɗaga ko rage ƙarfin amfilifayar gaba ɗaya. Duk desibel ɗin da aka rage a nan kai ne ka ci ribarsa kai tsaye. Ku yi haka: a ɗaga shi a hankali har a fara jin lasifika na shirin yin kuka, a sa alama, sannan a sauko ƙasa da nan sosai. Na'urar da ke aiki dab da kuka tana ja wa kowace kalma wani siririn amo ko da kukan bai fito ba, kuma mutane kan ɗora wa gini laifin wannan. Wani ya tsaya a sahun ƙarshe, a yi ta ragewa har ya ce ya fara wahalar ji, sai a ɗan ƙara. A rage BASS ma, domin ƙasan murya shi ya fi daɗewa yana yawo a ginin siminti, kuma kafet ba ya shanye shi.

Mu koma lissafinmu. Muna kan 7. An rage MASTER da desibel 6, mun kusa 13. An matsar da makirufo daga santimita 20 zuwa 14, mun kai wajen 16. Ba a sayi komai ba, kuma ban ma sa ribar kashe lasifikar kusa a ciki ba.

Sai maganar inda za a maƙala shi, wadda tufafinmu suka sa ta fi yadda ake nunawa a kwali wuya. Wurin da ake so shi ne tsakiyar ƙirji, kimanin tsawon tafin hannu ƙasa da haɓa. Kada son kusanci ya sa ka kai shi wuyan riga. A can yana ƙarƙashin inuwar haɓa, sai ya kwaso gurnanin maƙogwaro ya rasa kaifin haruffa, murya ta fito kamar an toshe ta. In malam kaftani ya sa, tsakanin maɓalli na biyu da na uku ya yi. In babbar riga ce, ka kama bakin wuyanta ta gaba inda ya sauko, amma ka lura da abu biyu. Malam zai riƙa naɗe hannun rigar yana ɗorawa a kafaɗa, kuma duk naɗewa yadin na iya gogar makirufon ko ya rufe shi. Sannan shadda mai sitati tana da ƙara, ko numfashi ya yi sai ta yi ƙaras-ƙaras. A irin wannan ranar gara ka maƙala a 'yar cikin, a wurin da babbar rigar ta buɗe, kan makirufon a sarari ba abin da ke taɓa shi. Mai rawani kuma, ka duba jelar rawanin ko amawali kada su sauko a kansa. Mai dogon gemu, ka sauko da shi ƙasa kaɗan ko ka kauce gefe.

Akwai sa'a ɗaya da muke da ita. Malamin da ke karantar da littafi kansa a sunkuye yake yawancin lokaci, bakinsa na fuskantar ƙirjinsa, wato makirufon. Wanda ke wa'azi a tsaye yana waiwaye dama da hagu shi ya fi wahalar ɗauka, murya na zuwa tana tafiya. In ka lura malam ya fi juyawa ɓangare ɗaya, wajen alaramma misali, ka ɗan karkata makirufon can.

Kebul ɗin ma yana kai ƙara. Ka yi masa ɗan lanƙwasa kamar zobe a daidai maƙalin ka kama shi da bakin maƙalin, ragowar ka bi da shi ta cikin riga, don in an ja shi kada jan ya isa kan makirufon. Soson da ke kansa kada ka cire. Ba ya rage amsa-kuwwa ko kaɗan, amma yana tare iskar fanka, kuma a zafin Gusau na watan Maris da Afrilu ba wanda zai yarda ka kashe fankoki. Wadda ke saman kan malam kaɗai za ka roƙa a kashe ko a rage, a bar sauran.

In malam ba ya son a maƙala masa komai, ko kuma taro ne a zaure da masu jawabi ke canzawa, akwai dabarar da ta fi ma ta riga ba da rata. Ka ɗaure ɗan makirufon da roba a jikin makirufon masallacin, kansa a gefen kan babban. Yanzu tazararsa da baki santimita 7 ce ko ƙasa, ribar desibel 9 ke nan a kan santimita 20. Farashinta shi ne iskar baki, musamman a b da f, da kuma yiwuwar murya ta fi ƙarfin makirufon ta fashe. Saboda haka a gefe za ka sa shi, ba saitin leɓe ba, kuma wannan ya fi kyau in babban makirufon a kan sanda yake, ba a hannu ba.

Mazaunin malam ma abin dubawa ne, a taƙaice. Kada ya zauna daidai ƙarƙashin tsakiyar ƙubba, domin lanƙwasarta tana tattara sauti ta maido shi ƙasa. Kada kuma ya shige cikin mihrabi. Taku ɗaya ko biyu a gabansa ya fi. In akwai teburi mai gilashi ko fomaika a gabansa, shimfiɗa darduma a kai kafin a ɗora littafi, don shi ne abu mai tauri mafi kusa da makirufon. Ka zaga kana tafi ɗaya-ɗaya, inda ka ji tafin ya dawo maka a fili ko ya yi karkarwa, ka kauce wa wurin. Sauti na tafiyar kusan mita 345 a sakan, don haka bangon da ke mita 10 a gabanka yana maido da tafin bayan kusan kashi 6 cikin 100 na sakan, kuma daga wajen kashi 5 kunne ke fara jin sa a matsayin ƙara ta biyu. Tagogi da ƙofofin da ba sa fuskantar titi ko janareto a bar su a buɗe, sautin da ya fita ba ya dawowa.

A ɓangaren waya, abin da ya fi ɓata aiki shi ne yadda take daidaita ƙarfin sauti da kanta. Malam na magana ta rage, ya yi shiru ta ɗaga, kuma abin da take ɗagawa a lokacin shirun shi ne jelar amsa-kuwwa da fanka da tarin mutane. Alamarsa ita ce ka ji hayaniya na kumbura a duk inda aka tsaya, ta lafa da zarar an ci gaba. Ka nemi manhajar ɗaukar murya da ke barinka ka kashe wannan daidaitawar, wato AGC, ka saita ƙarfin da hannu. A Open Camera, in wayarka ta yarda, ka gwada Unprocessed a wancan wurin na Audio source, amma ka maimaita gwajin susa don ka tabbatar har yanzu na riga take ji. Wajen saitawa, kada ka yi gwaji da "ɗaya, biyu" a hankali. Ka sa mai gwajin ya ɗaga murya kamar yadda malam ke yi in magana ta yi zafi, ka tabbatar ma'aunin bai wuce -6 ba, maganar yau da kullum kuma tana yawo wajen -12 zuwa -18. Murya mai rauni ana ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe ba ta gyaruwa.

Ka sa wayar a Airplane mode. Kuma kada ka ɗauka tana jone da caja, musamman in janareto ko inbata ke ba da wuta. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma caja mai araha tana shigar da wannan gurnani da wani zizar cikin kebul ɗin makirufo. Ka cika batir tun da rana. In sauti kaɗai kake ɗauka, ka zaɓi WAV, layi ɗaya wato mono, 48 kHz. Awa ɗaya tana cin kusan MB 345, ka tabbatar akwai wuri.

Za ka ji wasu na cewa ka ja sauti kai tsaye daga amfilifaya, ka huta. Gaskiya ne hanya ce mai kyau, tunda makirufon masallaci yana dab da baki. Amma daga ramin da aka rubuta REC OUT ko LINE OUT kaɗai, kuma ƙarfin da ke fita nan ya fi abin da ramin waya ke ɗauka sau da yawa, sai da kebul mai rage ƙarfi ko ɗan akwatin sauti mai shiga ramin caji. Wurin da ake ɗaura wayoyin lasifika a baya kuwa kada ka kusance shi da wayarka. A amfilifayar masallaci akwai layin da aka rubuta 70V ko 100V, zai ƙone ta nan take. Ka kuma sani duk abin da ke cikin na'urar zai biyo, har da ECHO da gurnanin janareto, kuma in wuta ta ɗauke faifanka ya yi shiru. Na riga ba ruwansa da wuta, hasali ma lokacin da aka ɗauke ta ne yake ba ka sauti mafi kyau.

Game da manhajar cirewa: akwai masu rage amsa-kuwwa, amma in an riga an dama fura da nono raba su tas da wuya. Amsa-kuwwa muryar malam ce ita ma, da sautinta da komai, ba wata ƙara daban ba. Noise Reduction da ke cikin manhajar gyaran sauti ta Audacity yana aiki ne a kan ƙarar da ba ta canzawa, kamar fanka ko huci, ka ba shi samfurin wurin da ba a magana ya rage ta. In ka matsa masa don ya ci amsa-kuwwa, sai murya ta koma tana ɓulɓuli, haruffan nan marasa ƙarfi su tafi gaba ɗaya. Irin wannan ne ma ke faruwa da yawancin ƙananan makirufo marasa kebul masu araha, masu tace hayaniya a cikinsu. A waje suna burgewa, a masallaci sai su riƙa cin farkon kalma da ƙarshenta. In da maɓallin kashe tacewar, a kashe.

Abin da gyara ke iya yi kaɗan ne amma yana da amfani. A Audacity ka sa High-Pass Filter a 90 ko 100 Hz, ya zubar da gurnanin da ke ƙasa da murya. Ka rage desibel 3 a wajen 300 Hz, inda kumburin ɗaki ya fi taruwa. In fanka ta dame ka, Noise Reduction kada ya wuce desibel 6 zuwa 9. Sai Normalize zuwa -1. Ka guji Compressor a kan faifan da ke da amsa-kuwwa, aikinsa shi ne rage mai ƙarfi don a ɗaga mai rauni, kuma mai raunin a nan shi ne abin da kake gudu. Ka fitar da MP3 a 64 kbps layi ɗaya, awa ɗaya ba ta kai MB 30 ba, ka tura a WhatsApp a matsayin Document don kada a sake matse shi.

Saura abu ɗaya da zai same ka in azumi ya zo, ko ma yanzu in akwai mai ja wa malam baki. Murya biyu, makirufo ɗaya. Kada ka ajiye shi a tsakiyarsu. In tazarar da ke tsakaninsu mita ɗaya ce, kowannensu ya koma santimita 50 daga makirufon, ka yi asarar desibel 8 a kan kowa. Akwai masu kai biyu a kebul ɗaya, suna aiki, sai dai duk kawunan a buɗe suke koyaushe, wanda ke jikin mai shiru yana ta kwasar ɗaki, kuma alaramma ya fi malam ɗaga murya, ba ka da yadda za ka rage shi shi kaɗai. Sai ka sauko da nasa ƙasa a ƙirji har ƙarfinsu ya daidaita. Abin da ya fi shi ne waya ta biyu da makirufo na biyu. Ka fara ɗauka a duka biyun, ka tafa hannu sau ɗaya a tsakaninsu kafin a buɗe karatu, a Audacity ka daidaita tafin biyu a layi ɗaya, sannan ka rage layin wanda ba ya magana. Wayoyi biyu kan ɗan zame wa juna a doguwar ɗauka, don haka ka duba ƙarshen faifan ma, in sun rabu ka yanka a wani shiru ka sake daidaitawa. Masu tambaya daga cikin jama'a kuwa makirufon riga ba zai kamo su ba, sun yi nisa da tazarar nan ta mita ɗaya da 'yan kai. Ka roƙi malam ya riƙa maimaita tambayar kafin ya amsa, ko a rubuto ta a takarda ya karanta.